Yadda ake auna yawan kwantiragin ofshin don kada asara ɗaya ta wuce kashi 1 na asusu

Tambayar da aka fi yi mini a kan cinikin ofshin ita ce: kwantiragi nawa zan saya? Ofshin kwantiragi ne da ke ba mai shi damar sayen hannun jari, wato kol, ko sayar da shi, wato fut, a kan farashin da aka ƙulla kafin wa'adi ya ƙare. Galibin masu tambayar sun riga sun zaɓi kamfani, sun zaɓi kol ko fut, sun zaɓi ranar ƙarewar wa'adi, sai a kan adadin su tsaya suna cita. Wani ya sayi biyar saboda kuɗinsa ya kai, wani ya sayi goma saboda yana jin cinikin a jikinsa. Ga yadda nake yin lissafin, daki-daki. Zan yi amfani da asusu guda mai dala 20,000 tun daga farko har ƙarshe, kuma da ofshin na hannayen jarin Amurka, inda kwantiragi ɗaya yake wakiltar hannun jari 100. Farashin da za ka gani a ƙasa na misali ne, amma na daidaita su yadda suka yi kama da abin da ake gani a kasuwa.

1. Nemo ainihin kuɗin da ke cikin asusun

Buɗe manhajar dillalinka ka nemi lambar da aka rubuta wa `Net Liquidation Value` ko `Account Value`. Wannan shi ne abin da zai rage maka in ka rufe duk cinikin da ke buɗe a yanzu. Da shi za mu yi aiki.

Gargaɗi: kusa da ita akwai wata lamba mai suna `Buying Power`. Kada ka taɓa ta a wannan lissafin. A asusun da dillali ke ba da bashi, tana iya nuna ninkin kuɗinka, kuma rabinta ba naka ba ne. Haka nan kada ka haɗa da albashin da kake jira ko kuɗin da kake niyyar zubawa wata mai zuwa. Abin da ke ciki yau shi kaɗai ake ƙirgawa.

2. Yanke kason, ka mai da shi dala

Zaɓi kaso guda da ka yarda ka rasa a ciniki ɗaya. Masu wannan sana'a galibi suna tsayawa tsakanin kashi 1 da kashi 2 cikin 100. Ni shawarata ga mai sayen ofshin ita ce kashi 1, wanda bai cika shekara yana yi ba kuwa, rabin kashi ɗaya ma ya ishe shi.

Dalilin yana cikin yadda asara take zuwa a jere. Mai sayen kol ko fut yakan faɗi sau da yawa fiye da yadda yake ci, ribarsa tana fitowa ne daga 'yan cinikin da suka yi tsalle sosai. A ce kana cin 40 cikin kowane ciniki 100. Lissafin yiwuwa ya nuna cewa a cikin ciniki 100 ɗin nan, damar ka gamu da faɗuwa shida a jere ta haura kashi 80. Wato ba sai ka yi kuskure ba, abu ne da ke tafe ko da tsarinka mai kyau ne. Idan kana saka kashi 1, faɗuwa goma a jere za ta cinye kashi 9.6 na asusun, dala 20,000 ta koma kusan 18,090. Da ciwo, amma gobe za ka iya buɗe kasuwa da hankalinka a jikinka. Idan kashi 5 kake sakawa, faɗuwa goman nan za ta bar ka da kusan dala 11,970, kuma sai ka ci ribar kashi 67 kafin ka dawo inda ka faro. A kashi 10, abin da zai rage bai kai dala 7,000 ba.

To, kashi 1 na dala 20,000 shi ne dala 200. Rubuta wannan lambar a takarda ka manna inda idonka zai riƙa ganinta. Daga nan zan riƙa kiranta rufin asara.

Gargaɗi: kason ba ya canzawa da yadda ka yarda da ciniki. Ranar da ka fi jin tabbas ita ce ranar da ka fi buƙatar rufin, domin a ranar ce ba ka neman abin da zai ƙaryata ka.

3. Lissafa asarar ƙarshe ta kwantiragi ɗaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi zamewa. Abin da ake nema shi ne: idan komai ya lalace iyakar lalacewa, nawa kwantiragi ɗaya zai cinye? Ba nawa kake sa ran rasawa ba, ba nawa ka yi niyyar fita a kai ba. Amsar ta bambanta da irin cinikin.

Mu fara da mafi sauƙi, sayen kol ko fut zalla. A nan abin da ka biya shi ne iyakar abin da za ka rasa. Farashin da ke kan allo na hannun jari ɗaya ne, don haka sai ka ninka shi sau 100. Kol da aka rubuta masa 1.80, dala 180 ne. Sai ka ƙara la'adar dillali ta shiga da ta fita. Manyan dillalan Amurka da dama suna karɓar santi 65 a kan kowane kwantiragi, wato dala 1.30 shiga da fita. Duba naka, don na wasu ya fi haka, kuma akan ƙara 'yan santi na kuɗin hukuma. Asarar ƙarshe a nan ta zama dala 181.30.

Na biyu shi ne ciniki mai ƙafa biyu da kake biyan kuɗi ka shiga, wanda a allo ake kira `debit spread`. Ka sayi ofshin ɗaya, ka sayar da wani mai wa'adi iri ɗaya amma a wani farashin ƙulli daban. Farashin ƙulli shi ne wanda ake kira sitiraik, farashin da kwantiragin ya ba da damar saye ko sayarwa a kansa. A ce hannun jarin yana dala 100. Ka sayi kol na ƙullin 100 a kan 4.50, ka sayar da kol na ƙullin 105 a kan 2.60. Abin da ya fita daga aljihunka shi ne 1.90, wato dala 190. La'ada sau huɗu ce yanzu, ƙafa biyu shiga, ƙafa biyu fita, dala 2.60. Asarar ƙarshe dala 192.60.

Na uku shi ne mai ƙafa biyu da kai ake biya ka shiga, `credit spread`. Wannan shi ya fi ruɗar sababbi, domin kuɗi ne yake shigowa asusun a ranar farko, sai mutum ya ji kamar bai saka komai ba. A ce ka sayar da fut na ƙullin 95 a kan 2.30, ka sayi fut na ƙullin 90 a kan 1.00. An ba ka 1.30, dala 130. Amma idan hannun jarin ya gangara ƙasa da 90 har wa'adi ya ƙare, za ka biya tazarar da ke tsakanin ƙullin biyu, dala 5 a kowane hannun jari. Cire 1.30 da aka ba ka, saura 3.70. Asarar ƙarshe dala 370 ce, da la'ada 372.60. Wato kana ɗaukar haɗarin 370 don neman 130.

```
debit:   asara = abin da ka biya × 100 + la'ada
credit:  asara = (tazarar ƙulli − abin da aka ba ka) × 100 + la'ada
```

Yawancin manhajoji suna nuna `Max Loss` a shafin tabbatar da oda. Yi naka lissafin tukuna, sannan ka gwada da nasu. In sun saɓa da fiye da kuɗin la'ada, akwai abin da ka shigar ba daidai ba, sau da yawa ƙafa ɗaya ce ta faɗa wani wa'adin daban ko an juya saye da sayarwa. Kada ka aika har sai ka gano.

Gargaɗi: sayar da ofshin tsirara, ba tare da ƙafar kariya ba, ba ya shiga wannan lissafin. Wanda ya sayar da kol tsirara ba shi da asarar ƙarshe, domin farashin hannun jari ba shi da iyaka a sama. Wanda ya sayar da fut ɗin 95 a kan 2.30 ba kariya, asararsa ta ƙarshe dala 9,270 ce, kusan rabin asusunmu. Kuɗin ajiyar da dillali ya riƙe maka a kan irin wannan cinikin ba shi ne asarar ƙarshe ba, kimantawa ce kawai da yake iya ɗagawa cikin dare ɗaya. In kana son kashi 1 ya zama kashi 1 da gaske, sayi ƙafar kariya.

Wani ƙaramin gargaɗi: bayan kamfani ya raba hannayen jarinsa ko ya haɗe da wani, wani lokaci akan gyara tsofaffin kwantiragi har su daina wakiltar hannun jari 100. Alamarsu takan zo da wata lamba a jikin sunan. In ka ga farashin wani ofshin ya yi arha fiye da maƙwabtansa ba dalili, duba bayanin kwantiragin kafin ka ninka da 100.

4. Raba, ka zubar da ɓurɓushi

Raba rufin asara da asarar ƙarshe ta kwantiragi ɗaya. Duk abin da ya biyo bayan ɗigo, ka yar da shi.

```
adadi = ROUNDDOWN(rufin asara / asarar kwantiragi ɗaya, 0)
```

Kol ɗin 1.80: 200 a raba da 181.30 ya ba da 1.10, kwantiragi ɗaya. Wani kol mai arha a kan 0.62, wanda da la'ada ya kama dala 63.30: amsar 3.16, kwantiragi uku, jimillar haɗari dala 189.90. Mai ƙafa biyu na 100 da 105: 200 a raba da 192.60, kwantiragi ɗaya.

Gargaɗi: ko amsar ta fito 1.9, ɗaya ne. Na san yana da zafi, kana ganin ɗan kaɗan ya rage ka kai biyu. Amma a kan ƙaramin asusu tazarar da ke tsakanin ɗaya da biyu ninki ce, kuma wanda ya saba ɗaga 1.9 zuwa 2 bai daɗe ba zai ɗaga 1.6.

Sannan kada arhar ofshin ta ruɗe ka. Kwantiragi uku na 0.62 da kwantiragi ɗaya na 1.80 kusan haɗarinsu ɗaya a dala, amma mai arhar yana da arha ne saboda ƙullinsa yana nesa da farashin yanzu ko wa'adinsa gajere ne, kuma irinsa ya fi yawan ƙarewa ba ya da daraja ko ta sisi. Lissafin adadi yana kare ka daga girman asara ɗaya, ba ya gyara mugun zaɓi.

5. Idan amsar ta fito sifili

Kol ɗin 4.50 shi kaɗai dala 451.30 ne. 200 a raba da shi bai kai ɗaya ba. Mai ƙafa biyu na 95 da 90 ma haka. Wannan zai faru da kai sau da yawa, musamman a kan kamfanoni masu tsadar hannun jari, kuma nan ne ake gane wanda yake bin tsarin da wanda yake faɗarsa a baki kawai. Sifili amsa ce. Tana nufin cinikin a wannan siffar ya fi ƙarfin asusunka.

Kana da mafita uku. Ta farko ka riga ka gan ta: mai da sayen zalla zuwa mai ƙafa biyu. Kol ɗin dala 450 ya koma dala 190 da ka sayar da na 105 a kansa. Abin da ka bayar a madadin haka shi ne ribar da ke sama da 105. Mafi yawan abin da za ka ci ya tsaya a 3.10, dala 310, ko da hannun jarin ya kai 130. Ta biyu, ka matse tazarar ƙullin. Maimakon 95 da 90, sayar da fut ɗin 95 a kan 2.30 ka sayi na 92.50 a kan 1.60. An ba ka 0.70, tazara 2.50, asarar ƙarshe 1.80, wato dala 182.60 da la'ada. Kwantiragi ɗaya ya shiga ƙarƙashin rufi. Ta uku ita ce ka bar cinikin ya wuce, ka nemi wani a kan hannun jari mai sauƙin farashi.

Gargaɗi: akwai wata hanya ta huɗu da zuciya ke rayawa, wato ka koma ofshin mai kwana biyu ko uku ya ƙare don ya fi arha. Lissafin zai amince, amma ka canza cinikin gaba ɗaya. Ofshin yana zubar da darajar lokacinsa da sauri a kwanakinsa na ƙarshe, kuma hasashen da kake ganin zai tabbata cikin wata guda ba shi da amfani ga kwantiragin da zai mutu ranar Juma'a.

6. Maganar umarnin tsayar da asara

Zan ɗan daɗe a nan, domin duk lokacin da na yi wa wani bayanin mataki na uku, abin da yake cewa shi ne: ai ba zan bari ya kai sifili ba, zan fita in ya faɗi da rabi. Daga nan sai ya yi lissafinsa haka: kol ɗin 1.80, zan sa `Stop` a kan 0.90, asarata dala 90 ce, don haka kwantiragi biyu sun shiga cikin 200.

A hannun jari wannan dabarar tana aiki daidai gwargwado. A ofshin tana yawan cin amana, kuma dalilan a fili suke. Ofshin na hannayen jari ana cinikinsa ne daga ƙarfe 9:30 na safe zuwa 4:00 na yamma agogon New York. Labarai kuwa ba sa jiran a buɗe kasuwa. Kamfanoni galibi suna fitar da rahoton ribarsu ne bayan an tashi ko kafin a buɗe. Idan labari mara daɗi ya fito da dare, kol ɗinka da ya kwana a 1.70 yana iya wayar gari a 0.30. Bai bi ta kan 0.90 ba, tsallake shi ya yi. Umarninka zai farka ya sayar a 0.30. Kwantiragi biyu, asarar 1.50 kowanne, dala 300, kashi ɗaya da rabi na asusun. In ya tafi sifili, dala 360.

In kuma ka sa `Stop Limit` don kada a sayar maka ƙasa da 0.90, to ba za a sayar ba sam, za ka zauna da shi yana narkewa. Ga kuma ɗaya ɓangaren: da yake ofshin yana lilo da kashi 30 ko 40 a yini ɗaya kan ƙaramin motsin hannun jari, umarnin yakan fitar da kai daga cinikin da daga baya ya dawo ya ci riba. A mintunan farko bayan buɗe kasuwa tazarar farashin saye da na sayarwa takan buɗe baki sosai, kuma a lokacin ne ake samun mafi munin cikawa.

Na taɓa yin wannan kuskuren da kaina. Na auna adadi da inda zan fita, na kwana da cinikin a daren rahoton riba, da safe na tarar asarar ta kusa ninka abin da na rubuta. Tun daga lokacin da cikakken kuɗin ofshin nake rabawa. Har yanzu ina fita da wuri in dalilin da ya sa na shiga ya rushe, amma abin da na ceto a fitar ƙari ne, ba na gina adadi a kansa.

Idan ka nace sai ka auna da inda za ka fita, to ka gindaya sharaɗi biyu. Cikakken kuɗin da ka biya kada ya wuce ninki biyu na rufinka, wato dala 400 a asusunmu, ka kuma san a ranka cewa haɗarinka na gaskiya kashi 2 ne. Sannan kada ka tsallaka ranar rahoton riba da irin wannan cinikin. Ranar tana rubuce a manhajar dillali, duba ta kafin ka shiga.

7. Aika oda da iyakar farashi

Lissafinka ya dogara da farashin da aka cika maka, ba wanda ka gani ba. Kowane ofshin yana da `Bid`, abin da masu saye suka taya, da `Ask`, abin da masu sayarwa suka nema. In `Bid` 1.70 ne `Ask` kuma 1.90, lambar da allo yake nunawa a tsakiya ita ce 1.80, amma odar `Market` za ta cika maka a 1.90 ko sama. Yi amfani da `Limit`. Fara daga tsakiya, in ba a cika ba ka ɗaga da santi 5, amma ka san iyakarka tun kafin ka fara. A misalinmu, kwantiragi ɗaya da rufin dala 200, duk abin da ya haura 1.98 ya fasa rufin. Mai ƙafa biyu kuma a aika shi a oda guda, ba ƙafa-ƙafa ba, don kada a cika maka wadda ka sayar a bar ka ba kariya.

Gargaɗi: in tazarar `Bid` da `Ask` ta wuce kashi 10 na farashin, ni nakan bar ofshin ɗin. Ka shiga da asara tun daga bakin ƙofa, kuma ranar da kake neman fita da gaggawa tazarar za ta fi haka faɗi.

8. Haɗa duk abin da ke buɗe

Kashi 1 a ciniki ɗaya ba shi da ma'ana in kana da ciniki goma sha biyar a buɗe. Kafin ka ƙara sabo, tara asarar ƙarshe ta duk waɗanda ke hannunka. Ni ba na barin jimillar ta wuce kashi 5 ko 6 na asusu, wato dala 1,000 zuwa 1,200 a nan. In ta cika, sabon ciniki sai ya jira wani ya rufe.

Abin da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne cinikin da sunansu ya bambanta amma makomarsu ɗaya. Kol a kan kamfanonin fasaha huɗu da kuma kol a kan QQQ, asusun da ke bin ma'aunin Nasdaq-100, a takarda ciniki biyar ne na kashi ɗai-ɗai. Ranar da ɓangaren fasaha ya faɗi, tare za su faɗi, ka rasa kashi 5 a kan hasashe guda. Ka tambayi kanka: wane labari ne guda zai iya kashe waɗannan gaba ɗaya? Duk waɗanda amsarsu ta zo ɗaya, ka ɗauke su ƙungiya guda, kada ƙungiyar ta wuce kashi 2. Sayar da fut mai ƙafa biyu da sayen kol ma ɓangare ɗaya suke, dukansu suna neman farashi ya hau ne.

9. Bayan ka shiga, kada ka ɓata lissafin da hannunka

Kol ɗin da ka saya 1.80 ya sauko 0.90, sai ka ga ya yi arha, ka ƙara biyu. Yanzu kuɗin da ka zuba a hasashen nan ya kai dala 360. Rufin na hasashen ne gaba ɗayansa, ba na kowace oda ba. In kana son shiga kashi-kashi, to ka tsara tun farko, ka raba dala 200 ɗin gida biyu.

Haka batun mirgina ciniki zuwa wani wa'adi, abin da allo ke kira `Roll`. Sunan yana sa mutum ya ji kamar cinikin nan ne dai yake ci gaba. A gaskiya ka rufe na farko da asara, ka buɗe sabo. Rubuta asarar na farkon a littafinka, sannan ka auna sabon daga mataki na uku kamar ba ka taɓa ganinsa ba. In bai cancanci shiga a matsayin sabon ciniki ba, bar shi.

10. Rufe kafin wa'adi ya ƙare

Asarar ƙarshen da muka lissafa tana aiki ne muddin abin da ke hannunka ofshin ne. A ranar ƙarewar wa'adi yana iya rikiɗewa ya zama hannun jari. A kasuwar Amurka, ofshin da ya ƙare yana cikin riba ko da santi ɗaya ne, wato farashin hannun jarin yana sama da ƙullin kol ko ƙasa da ƙullin fut, ana zartar da shi kai tsaye, a yi sayen ko sayarwar da ke cikinsa, sai in mai shi ya ba da umarnin kada a yi. A ce kol ɗinka na ƙullin 100 ya ƙare ranar Juma'a hannun jarin yana 100.30. Kana ganin ka rasa kusan duk abin da ka biya, ka rufe manhaja ka tafi hutun ƙarshen mako. Ranar Litinin za ka tarar da hannun jari 100 na dala 10,000 a asusunka, rabin dukiyarka. In ya buɗe ƙasa da kashi 8, dala 800 ta tafi a kan cinikin da ka auna a 200.

Mai ƙafa biyu ma yana da irin wannan ramin. In farashi ya ƙare a tsakanin ƙullin biyu, misali a 94 a cinikinmu na 95 da 92.50, za a ɗora maka hannun jari 100 a kan dala 95, ƙafar kariyarka kuma ta mutu ba ta da amfani. Ka kwana biyu riƙe da dala 9,500 ba garkuwa. Maganin mai sauƙi ne kuma la'adarsa ba ta kai dala biyu ba: rufe ƙafafun biyu da kanka kafin a tashi kasuwa ranar ƙarshe, gara ma kwana ɗaya ko biyu kafin nan.

Gargaɗi: ofshin na hannayen jarin Amurka ana iya zartar da shi kowace rana kafin wa'adi, don haka ƙafar da ka sayar tana iya faɗo maka da wuri. An fi ganin haka a kan kol da ya shiga riba sosai, ana gobe ranar yanke masu cin rabon ribar kamfani. In ya faru kada ka firgita, ƙafar kariyarka tana nan, sai ka rufe hannun jarin da ita tare a safiyar. Ofshin na SPX, wato ma'aunin S&P 500, da ƙaninsa XSP, wanda girmansa kashi ɗaya cikin goma ne na SPX, ba sa zartuwa sai ranar wa'adi kuma da tsabar kuɗi ake sasanta su, don haka wannan matsalar ba ta taso a kansu.

11. Sabunta rufin

Rufin yana tafiya da asusun. Ni ranar Lahadi nake sake lissafa shi, in yi aiki da lambar har mako ya ƙare. In asusun ya sauka zuwa dala 18,000, rufin ya koma 180, kuma kol ɗin 1.80 da ya shiga a makon jiya yanzu ya fita da dala ɗaya da santi 30. Bar shi ya fita. In asusun ya hau 22,000, rufin ya zama 220. Kada ka ɗaga shi a tsakiyar mako saboda ribar da ke kan allo wadda ba ka rufe ba tukuna.

A littafinka, kowane ciniki ya sami layi mai ɗauke da rufin ranar, asarar ƙarshen da ka lissafa, adadin kwantiragi, da ainihin abin da ya faru. Bayan ciniki 20 ko 30, bi layukan ka zagaye duk asarar da ta wuce rufinta. Kowace ka gani, koma ka gano ta wace ƙofa ta shigo: ɗaga ɓurɓushi a mataki na huɗu, dogaro da `Stop` a na shida, ƙari bayan faɗuwa a na tara, ko barin kwantiragi ya ƙare da kansa a na goma.